Babban jet, buɗaɗɗiyar salansa, ko a bar babur yadda ya zo: wanne injin 125 zai jure a zafin Garwa?

A ƙarshen watan Maris ɗan yayata ya turo babur ɗinsa da hannu tun daga wajen gadar Binuwai har ƙofar gareji, rigarsa sharkaf da gumi. Babur 125 ne mai injin CG, irin wanda 'yan haya suka fi hawa a nan Garwa, kuma bai cika shekara a hannunsa ba. Ya ce mini, "Kawu, ina cikin tafiya ƙarfi ya zare, na buga na buga ya ƙi tashi." Ina ɗora ƙafa a kan kik na ji ya tafi salalam, babu matsi ko kaɗan. Da na dubi bututun salansa daga inda ya fito daga kan inji, ya rine ya koma shuɗi. Tun kafin in ɗauki sifana na san abin da zan tarar a ciki.

Tambayar da ya yi mini bayan mun gama gyara ita ce samari da yawa ke yi, daga Marwa har Kuseri da Njamena: in ana so babur ya ƙara ja, jet za a ƙara wa girma, ko salansa za a buɗe, ko duka biyun? Maganar da ke tafe ta shafi babur mai kafireta, mai injin da iska ke sanyaya shi, daga 100 zuwa 150. Babur mai injekta ba shi da jet ɗin da za a canza, shi kuma tsohon inji mai shan fetur haɗe da baƙin mai lissafinsa daban ne.

Abin da jet da salansa suke yi

Inji yana shaƙar iska, kafireta ta gauraya ta da fetur, fulogi ya kunna, hayaƙi ya fita ta salansa. Ƙarfi yana zuwa ne daga yawan iskar da injin ya iya shaƙa, fetur kuwa bin iska yake yi. Domin fetur ya ƙone ƙurmus ana bukatar iska kilo 14.7 ga kowane kilo ɗaya na fetur. In an buɗe totur duka, inji ya fi ba da ƙarfi a wajen 12.5 zuwa 13, wato fetur ya ɗan fi yawa, kuma wannan ɗan rarar ita ke sanyaya kan fistin da bawul daga ciki. Babur ɗinmu ba shi da lagireto. Iskar hanya, da baƙin mai kamar lita ɗaya, da wannan rarar fetur, su kaɗai ke tsakaninsa da ƙonewa.

Jet, wanda masu gyara a nan suka fi kira jiklar, ɗan ƙusar tagulla ne mai rami a tsakiya. A cikin kafireta abu uku ke raba aiki. Ƙaramin jet yana riƙe da silo har zuwa kashi ɗaya cikin huɗu na totur, allura tana riƙe da tsakiya, babban jet kuma sai an kusa murɗe totur duka yake nuna kansa sosai. Lambar da ke jikinsa, a irin kafiretar waɗannan babura, faɗin ramin take nunawa: 95 na nufin kusan milimita 0.95. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne filin rami ya fi lambar saurin ƙaruwa. Daga 95 zuwa 98 filin ya ƙaru da kashi 6 cikin 100, zuwa 100 kashi 11, zuwa 105 kashi 22, zuwa 110 kuwa kashi 34. Wanda ya ce "ɗan ƙari kaɗan na yi" daga 95 zuwa 110 ya ƙara sulusin ƙofa ne.

Salansa kuma ba murfin ƙara kaɗai ba ce. Tsawon bututunta da faɗinsa da ɗakunan da ke cikinta an auna su ne tare da kafiretar. In ka buɗe ta, hayaƙi ya fi saurin fita a babban gudu, inji ya ɗan ƙara shaƙar iska, fetur kuwa bai ƙaru gwargwadonta ba. Gauraye ya tsinke ke nan, wuta ta ƙara zafi.

Ma'aunin da zan bi

Abu biyar nake dubawa in mutum ya zo da wannan shawara. Kuɗi, na ranar farko da na kullum a gidan mai. Ƙarfin da za a samu a zahiri, ban da wanda kunne ke ji. Tsawon ran inji. Sauƙin aikin, da ko za a iya mayar da babur yadda yake in an yi da-na-sani. Sai haɗarin da ke biyo baya ga mai babur da fasinjansa.

Dole kuma a auna su da yanayinmu. A Garwa da Marwa da Njamena zafi yana haura digiri 40 a Maris da Afrilu, kuma ɗan haya yana wuni ne a giya ta biyu da ta uku da mutum biyu ko buhu a baya, inda iskar da ke bugun inji ba ta da yawa. Hunturu yana zuwa da ƙura. Man zuwa-zuwa, wanda ake shigowa da shi daga Najeriya ana sayarwa a bakin hanya, kuma kwalba ba ta kama da kwalba, wani da datti, wani da ruwa, wani an sirka shi. Gyaran da inji zai jure a ƙasa mai sanyi da tsabtataccen mai, a nan yana iya kwantar da shi cikin wata uku.

Zaɓi na farko: a bar shi yadda ya zo, a yi masa cikakken sabis

Rabin masu cewa babur ya daina ja ba gyaran ƙarfi suke bukata ba. Soson iyakilina ya toshe da ƙura, bawul ya matse, fulogi ya tsufa, sarƙa ta bushe, taya ba iska. In aka wanke soso aka shafa masa mai kaɗan, aka daidaita bawul inji yana sanyi bisa awon da ke littafin babur, aka wanke kafireta aka sa sabon fulogi, mutum yakan dawo yana tambaya me aka ƙara masa. Ba a ƙara komai ba, ƙarfinsa da ya zube ne aka tattaro.

Kuɗinsa kuɗin sabis ne da dama ya wajaba. Shan mai yana raguwa. Injin yana aiki a zafin da aka ƙera shi ya jure, kuma duk makanikin da ke bakin hanya daga Ngong zuwa Figil zai gane shi in ya lalace. Wanda ya sayi sabon babur da garanti bai taɓa garantinsa ba. Iyakarsa a fili take: 125 mai ƙarfin doki goma ko sha ɗaya zai ci gaba da zama haka.

Akwai wani ɗan gyara da ke cikin wannan zaɓi domin bai taɓa inji ba. Mai ɗaukar kaya da ke kukan babur ba ya tashi da nauyi, ya sa farantin sarƙa na baya mai ƙarin haƙori biyu ko uku. Zai ji ja a tashi da hawan tudu, zai rasa ɗan gudu a miƙaƙƙiyar hanya. Ga mai dakon buhunan masara daga ƙauye wannan ya fi kowane jet amfani.

Zaɓi na biyu: babban jet kaɗai

Wannan ya fi kowanne arha, kuma shi ya sa ya fi yaɗuwa. Kuɗin jet bai kai na 'yan litocin mai ba, aikin kuma na minti ashirin ne: a kwance kwanon kafireta, a cire, a ɗaura.

Matsalar ita ce iska ba ta ƙaru ba. Inji mai salansar kamfani da iyakilinar kamfani an riga an ba shi fetur gwargwadon iskarsa. In ka ƙara mataki ɗaya, 95 zuwa 98, ba za a yi ɓarna ba, wani babur da ya zo a ɗan tsinke ma zai fi sanyi. Daga nan zuwa sama asara ce zalla. Babur zai riƙa kakarewa in an murɗe totur duka, kamar mai magana da ruwa a baki. Baƙin hayaƙi zai fito, fulogi ya yi baƙin toka busasshe, gudun ƙarshe ya ragu.

Ɓarnarsa a hankali take zuwa, shi ya sa ba a ɗora masa laifi. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke man da ke jikin silinda, ringi ya riƙa gogar ƙarfe kusan a bushe. Sauran yana zurarewa ya sauka cikin baƙin mai ya tsinka shi. Zaro sandar awon mai ka sunsuna: in ka ji warin fetur, ko ka ga mai ya ƙaru alhali ba ka ƙara ba, to abin ya fara. A zafin Afrilu mai da ya tsinke ba ya riƙe boris da kamshaf. Bayan wasu watanni babur ya fara shan baƙin mai yana shuɗin hayaƙi, sai a ce ai kayan yanzu ba su da ƙarko.

Ga lissafin kuɗin kullum. A ɗauka ɗan haya yana yin kilomita 100 a rana da lita biyu da rabi. In an ƙara jet aka kuma ɗaga allura, kamar yadda aka saba haɗa su, shan mai ya ƙaru da kashi 10 cikin 100 kacal, rubu'in lita ke nan a rana, lita shida da rabi a kwana 26 na aiki. A farashin sefa 840 da gwamnatin Kamaru ta sa wa lita a Fabrairun 2024, kusan sefa 5,500 ne kowane wata. Da can ana cewa ai zuwa-zuwa arha ne, amma tun da Najeriya ta janye tallafin mai a Mayun 2023 wannan arhar ta ja baya.

Abu ɗaya nake roƙo a guje masa: yasar jet da waya. Na sha ganin ana zura silin wayar kebul ko allurar ɗinki ana jujjuyawa wai a buɗe shi kaɗan. Tagulla tana da laushi, ramin yana zama ƙwai-ƙwai, lambar da ke jiki ta zama ƙarya, kuma makaniki na gaba zai yi ta neman ciwo a inda babu shi. In za a canza, a sayi mai lamba, a ajiye na asali a cikin leda. Da haka komawa baya aikin minti ashirin ne.

Zaɓi na uku: buɗaɗɗiyar salansa kaɗai

Hanya biyu ake bi. Ko a kai wa mai walda ya yanke bayan salansa ya zare hanjinta, ko a sayo ta kasuwa mai ƙyalli mai faɗin baki. Ta farko arha ce amma ba ta da komawa, sai sayen wata. Ta biyu ta fi tsada, amma in ka ajiye ta asali kana da mafita.

Wannan ne ya faru da ɗan yayata, kuma yadda ya faru ya isa darasi. Da ya karɓi babur daga mai gidansa, wani mai gyara ya sauke masa allura don rage shan mai, wato ya mayar da ɗan kilif ɗinta tsagi na sama. 'Yan haya da yawa suna yin haka, kuma da salansar kamfani injin yana jurewa da ƙyar. Bayan wata shida ya kai aka zare hanjin salansa. Jet ɗinsa 95 yana nan, allura tana ƙasa, iska ta ƙaru. Tsinkewa biyu suka haɗu a inji ɗaya, ga bazara ta kawo kai.

Babur ɗin ya yi ta ba shi labari bai gane yaren ba. In ya saki totur a gangara salansa ta riƙa fashe-fashe, shi kuwa daɗin ƙarar yake ji. Bututu ya rine shuɗi. Da safe sai ya daɗe da cok kafin ya tsaya a silo. In ya ɗauki mutum biyu ya hau tudu a babbar giya, yana jin wani ƙis-ƙis kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Wannan ƙarar ita ce mafi muni, domin gauraye ne ke fashewa da kansa saboda zafi maimakon ya ci a hankali, kuma man da aka sirka da kananzir yana ƙara ta. Da muka cire fulogi, farin alli ne fat, da ƙananan ɗigo masu ƙyalli a jiki. Waɗannan ɗigon alminiyon ne daga kan fistin. Da muka ɗaga kan inji, gefen bawul ɗin hayaƙi ya cinye kamar ɓera ya gutsura, kan fistin kuma ya yi tsaga-tsaga kamar an yayyafa masa yashi mai zafi. Sai da aka sa sabon bawul, aka goge mazauninsa, aka sa fistin da ringi da gasket, aka sayo salansa irin ta kamfani, muka mayar da kilif tsagi na tsakiya. Kwana huɗu babur yana kwance, kuma balas ɗin mai gida bai tsaya jiransa ba.

To me ya samu a watannin da ya yi da buɗaɗɗiyar salansar? Ƙara, da jin cewa yana gudu. A ƙaramin inji irin wannan, salansa ko an zaɓe ta da kyau abin da take ƙarawa bai kai doki ɗaya ba, kuma a can saman gudun inji yake. A ƙasa, inda ɗan haya ke rayuwa, bututu mai faɗi yana rage saurin hayaƙi, ja ya ragu, sai mutum ya riƙa ƙara totur da goga kulos don ya tashi. Ko da an samu ƙarin ƙarfi kashi 5 cikin 100, iskar da ke tare mutum tana cin ƙarfi ninki-ba-ninki yayin da gudu ke ƙaruwa, don haka gudun ƙarshe ba zai ƙaru da kashi 2 ba. Mai yin 90 zai yi 91 ko 92.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta cikin inji. Salansar kasuwa ƙarfenta siriri ne, tana tsagewa a wajen walda in ta sha gargada. Sau da yawa maƙalinta na baya ba ya zama daidai, sai nauyinta ya rataya a kan ƙusoshi biyu na kan inji har ɗaya ya karye a ciki, kuma fitar da karyayyen ƙusa daga alminiyon aiki ne mai cin rai. Yawancinsu ba su da murfin kare zafi. Na ga tabon da irin wannan ta bar wa wata baiwar Allah a ƙwauri tana saukowa da jariri a goye, kuma ban manta ba. Fasinja mata da dattawa suna kauce wa babur mai ƙara, maƙwabta suna jin fitarka da asuba, jami'an hanya kuma sun samu dalilin tsayar da kai.

Zaɓi na huɗu: salansa da jet tare, bisa awo

In har za a buɗe salansa, wannan ce kaɗai hanyar da zan yarda in sa hannu. Ta fi kowacce tsada da cin lokaci, domin ban da salansar za ka sayi jet uku, sabon fulogi, da rabin yinin makanikin da ya yarda ya kwance kafireta sau uku ba tare da ya ƙosa ba.

Ana farawa da cikakken sabis, domin ba a daidaita kafireta a kan inji mai matsattsen bawul. A zaɓi salansa wadda faɗin bututunta na gaba bai wuce na asali ba, mai ɗan hanji a ciki, a sa sabon gasket, a tabbatar maƙalin baya yana ɗauke da nauyinta. Akwatin iyakilina na kamfani a bar shi. Wannan buɗaɗɗen soso mai kama da mazurari da samari ke ɗaurawa a bakin kafireta, a hunturun Marwa ƙura yake shigarwa, ƙura da mai kuma in sun haɗu a silinda sun zama dutsen wasa wuƙa.

Ga mai jet 95, a sayi 98 da 100 da 102, duka iri ɗaya da na asali, domin lambar wani kamfani ba ta daidai da ta wani. A fara da babba a riƙa saukowa, saboda kuskure ta wajen yawan mai fulogi kawai yake ɓatawa, kuskure ta wajen tsinkewa kuwa fistin yake ci. Inji ya yi zafi tukuna. A samu miƙaƙƙiyar hanya marar jama'a da dabbobi, da hular kwano a ka, a murɗe totur duka a babbar giya kamar kilomita ɗaya, sai a kama kulos a kashe makulli lokaci guda a gangara gefe. Kada a bar shi ya yi silo, domin silo yana goge shaidar. A cire fulogi a dubi farin kaskon da ke ciki. Launin shayi da madara shi ake nema. Baƙi na nufin a sauko mataki ɗaya, fari na nufin a hau. Bayan babban jet ya zauna, a gwada rabin totur: in babur yana ja yana saki, a ɗaga allura tsagi ɗaya, wato kilif ya sauko ƙasa. Fashe-fashe in an saki totur kuma aikin ɗan sukurun gauraye ne. In sukurun yana ɓangaren inji, warware shi yana ƙara mai, in yana ɓangaren iyakilina, ɗaure shi ne ke ƙara mai. Rubu'in juyi ake yi a saurara.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne awon ba ya zama wuri ɗaya. Iska mai sanyi ta fi nauyi. Tsakanin safiyar Janairu mai digiri 15 da la'asar ɗin Afrilu mai digiri 42 nauyin iska ya bambanta da kusan kashi 9 cikin 100, kusan mataki guda na jet ke nan. Babur da aka daidaita daidai wa daida a tsakar bazara zai tsinke da sanyin hunturu. Haka tudu: Ngaundere tana sama da mita 1,000, Garwa kuwa wajen mita 200 take. Jet ɗin da ya yi daidai a Ngaundere, in an sauko gangaren dutsen nan zuwa kwarin Binuwai yana iya yin kaɗan, musamman tafiyar dare ko ta asuba. Awon kamfani yana da sararin da ke shanye wannan bambanci. Kai da ka taɓa shi, kai za ka riƙa bibiya, kuma gara ka tsaya a ɓangaren da mai ya ɗan fi yawa.

In an yi shi da kyau, inji zai yi rai kusa da na asali, amma da sharaɗi: juyen baƙin mai da wuri, duba fulogi kowane mako biyu, da mai daga wurin da ka amince. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, wanda ya kashe kuɗi don babur ya yi ƙara zai riƙa murɗa shi fiye da da, wannan ma yana rage kwanan inji.

A taƙaice cikin jadawali

| Zaɓi | Kuɗin farko | Shan mai | Ƙarfi a zahiri | Ran inji | Komawa baya |
|---|---|---|---|---|---|
| Sabis kaɗai | Kaɗan | Yana raguwa | Na asali ya dawo | Mafi tsawo | Babu bukata |
| Babban jet kaɗai | Kaɗan ƙwarai | Yana ƙaruwa | Babu ƙari, yakan ragu | Ringi da boris suna ci a hankali | Sauƙi, in ba a yashe jet ba |
| Salansa kaɗai | Kaɗan in walda ce, matsakaici in saye ne | Kusan yadda yake | Ɗan ƙari a sama, ragi a ƙasa | Bawul da fistin suna iya ƙonewa cikin watanni | Babu, in an yanke |
| Salansa da jet bisa awo | Mafi yawa | Yana ƙaruwa kaɗan | Ƙasa da doki ɗaya | Kusa da na asali in ana kula | Akwai, in an ajiye na asali |

Wa ya dace da wanne

Ɗan haya, ko kulando kamar yadda ake cewa a Njamena, wanda babur ne abincin gidansa, ya tsaya a zaɓi na farko. In babur ɗin na mai gida ne ko na biya-sannu-sannu, maganar ma ba ta taso ba. In an taɓa sauke masa allura don tsimin mai, ya cire fulogi yau ya duba, in ya ga fari ya mayar da kilif tsakiya kafin bazara.

Mai dakon kaya daga ƙauye zuwa kasuwa ya yi sabis ya ƙara haƙoran farantin baya, ya bar kafireta da salansa.

Mai doguwar tafiya, Garwa zuwa Marwa ko Garwa zuwa Ngaundere, wanda ke daɗewa da totur a murɗe, ya yi gwajin fulogin nan a kan babur ɗinsa yadda yake. In ya fito fari, ya hau mataki ɗaya kacal. A nan ne kawai babban jet shi kaɗai yake da hujja, kuma don sanyaya inji ne, ba don gudu ba.

Wanda ya sayi babur na hannu ya tarar an riga an zare hanjin salansa, kada ya yi mako yana hawa haka. In yana da kuɗin salansa irin ta kamfani ya saya, in babu ya ƙara jet bisa awon da na bayyana har kuɗin su samu.

Saurayi mai babur ɗin kansa, wanda ba da shi yake ci ba, kuma ransa ya biya sai ya ji ƙara, ya bi zaɓi na huɗu daga farko har ƙarshe, ya sa murfin kare zafi saboda wanda zai goya, ya ajiye tsohuwar salansa da jet 95 ɗinsa a gida domin ranar sayarwa, tunda mai saye yana rage kuɗi da zarar ya ji babur ya yi ruri.

Wanda kuma ya yi sabis, ya canza faranti, har yanzu 125 bai ishe shi ba, kuɗin salansa da jet da ƙarin man wata shida ya tara su a kan kuɗin babur ɗinsa ya nemi 150.